Albashin Abuja, Buƙatun Gida: A Yanke Adadi, a Faɗe Shi a Fili

Daga Abuja zuwa Kafanchan tafiyar 'yan sa'o'i ce, ko an bi ta Bwari da Jere da Kwoi, ko an zaga ta Keffi da Akwanga. Wannan kusanci alheri ne ga ma'aikacin tarayya ɗan Kudancin Kaduna, domin yana iya halartar biki ranar Asabar ya kwana a gidansa. Amma kusancin yana da wata fuskar. Wanda ke aiki a Legas nisa na yi masa katanga, shi kuwa na Abuja ba shi da wannan katanga. Ƙanin mahaifinsa na iya hawa mota da safe daga Zonkwa, kafin azahar yana ƙofar sakatariya. Mutanen gida kuma sun san lokacin da gwamnatin tarayya ke biyan albashi, har wasu kan riga mai albashin jin labarin cewa kuɗi sun fara shiga. Tun kafin ya gama duba saƙon banki, wayarsa ta fara ƙara.

Shawarar da aka saba ba irin wannan ma'aikaci ita ce ya koyi cewa a'a. Shawara ce mai sauƙin bayarwa, sai dai ba ta cika kai mutum ko'ina ba, domin wanda ya ce a'a yau ba tare da wani ma'auni ba, gobe kunya za ta sa ya ce to, ya kuma ƙara da toshiyar baki. Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne mutum ya yanke adadin da zai iya bayarwa, ya sa masa lokaci, ya faɗe shi a gaban waɗanda abin ya shafa, sannan ya cika shi wata bayan wata. Damuwar zuci da ke hana ma'aikata barci tana fitowa ne daga bashin da ba a taɓa faɗin yawansa ba. Bashin da ba shi da adadi kuwa, ko nawa aka biya ba a jin an sauke shi.

Kafin a kai ga lissafi, ya kamata a yi wa mutanen gida adalci. Roƙon da suke yi yana da tarihi. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a Kafanchan a 1927, garin ya zama matattarar masu albashi, kuma makarantun mishan a wurare irin su Kwoi da Kagoro suka riƙa fitar da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da akawuna. Yankin ya ɗauki boko a matsayin jari. An sayar da citta da akuya, wani lokaci har da gona, domin yaro ɗaya ya yi karatu, da fahimtar cewa idan ya hau zai miƙo hannu. Akwai manyan daraktoci a Abuja yau waɗanda kawu ne ya biya musu kuɗin jarrabawa, ko yayarsu ce ta haƙura da makaranta domin su wuce. Sai kuma hanyoyin albashi suka yi ta toshewa. Jirgin ƙasa ya durƙushe, masaƙun Kaduna da suka ɗauki 'yan yankin da yawa suka rufe, KTL a 2002, UNTL a 2007. Dangin da a da ke da masu albashi huɗu ko biyar suka koma dogaro da mutum ɗaya ko biyu.

A shekarun nan abin ya ƙara tsananta. A daminar 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, ta ruɓar da amfanin da gidaje da yawa ke biyan kuɗin makaranta da shi, kuma irin shukawa ya yi tsadar da ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. A shekarar ce aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu. Ga hare-haren da suka raba ƙauyuka da gonakinsu a Zangon Kataf da Kaura da Kajuru. Saboda haka wanda ya kira daga gida yana cewa babu, sau da yawa gaskiya yake faɗa. Matsalar ita ce gaskiyar tasa ba ta ƙara ko kobo a albashin wanda ya kira. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma kuɗin mota daga Mararaba ko Kubwa zuwa tsakiyar birni da kuɗin haya sun riga ƙarin isa.

Mafi yawan ma'aikata ba sa fuskantar wannan matsi kai tsaye. Ɓuya suke yi. A kashe waya daga 25 ga wata, a ce albashi bai shigo ba alhali ya shigo, a ɓoye ƙarin girma, a ajiye mota a gidan aboki a shiga gari da ta haya. Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ba. Wasu masana tattalin arziki uku, Baland da Guirkinger da Mali, sun wallafa bincike a 2011 kan ƙungiyoyin ajiya da lamuni a Kamaru, inda suka tarar da mutane na karɓar bashi mai ruwa alhali suna da ajiyar da ta kai ko ta wuce bashin a ƙungiyar. Dalilin da masu bashin suka bayar shi ne suna son dangi su ga ana bin su kuɗi, domin a sarara musu da roƙo. Wato mutum ya yarda ya biya kuɗin ruwa domin ya sayi damar cewa babu. Duk wanda ya san yadda ake rububin bashin ƙungiyar gama kai a ma'aikatun tarayya zai gane cewa labarin bai yi nisa da gida ba.

Ɓuya tana da illa biyu. Ta farko, ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a yankin da kowa ya san ɗan wane ne ke wace ma'aikata, kuma ranar da asiri ya tonu, duk gaskiyar da mutum zai faɗa nan gaba ta zama abin zargi. Ta biyu ta fi muni: mai ɓuya bai rage abin da yake bayarwa ba, ya dai bar rabon a hannun wanda ya fi naci. Ɗan baffan da ba ya jin kunyar kira sau goma shi ke samu. Tsohuwar da ta haife shi, wadda kawaici ba zai bar ta ta tambaya ba, ita ce ke kwana da ragowar magani.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciya 'yar asalin Kagoro, mai ɗa ɗaya, tana zaune a Mararaba. Alƙaluman na misali ne, kowa na iya musanya su da nasa. A ce abin da ke shiga asusunta bayan an cire haraji da kashi 8 cikin ɗari na fansho da kuɗin asusun gidaje naira 250,000 ne. Hayar gidanta 720,000 ce a shekara, wato 60,000 a wata idan aka raba, ko da yake mai gida a dunƙule yake karɓa. Kuɗin mota 40,000, abinci da wuta da gas 75,000, makarantar yaro 25,000 a wata idan aka baje kuɗin zango uku a kan shekara. Jimla 200,000. Abin da ya rage mata, wanda daga cikinsa ne za ta taimaki gida, ta yi ajiya, ta kuma tari rashin lafiya, 50,000 ne.

Mataki na farko ba ya buƙatar magana da kowa. Ta nemi bayanan asusunta na wata uku daga banki, ta ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya tafi gida, har da dubu biyun kati da dubu ukun kuɗin mota da ba ta ɗauke su a bakin komai ba. A ce ta tarar da 62,000 a wata na farko, 48,000 a na biyu, 85,000 a na uku da aka yi rasuwa. Jimlar 195,000 ke nan, wato 65,000 a kowane wata. Tana ba da abin da ya ɗara ragowarta da 15,000 duk wata, kuma a shekara giɓin ya kai 180,000, daidai da rubu'in kuɗin hayarta. Wannan ne ya sa duk lokacin biyan haya take cike takardar bashi, kuma cirar bashin ke ƙara rage albashin wata mai zuwa. Ita a ranta tana ganin ba ta yi wa gida komai ba, domin kowane wata akwai wanda ta ce wa ya yi haƙuri. Takardar banki kuwa na nuna ta ba da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na albashinta.

Akwai alamomin da ke nuna cewa taimako ya wuce gona da iri, kuma ba su da wuyar ganewa. Idan mutum na cin bashi domin ya bayar, ya wuce. Idan kuɗin makarantar ɗansa ne ke jira saboda na ɗan wani, ya wuce. Idan ya fara buɗe manhajojin bashi na waya, waɗanda wasunsu suka yi ƙaurin suna wajen aika wa abokan aikin mutum saƙon tozarci, to ya taka wani wuri mai haɗari ga aikinsa kansa, domin Dokokin Aikin Gwamnati sun lissafa nutsewa cikin bashi mai zubar da mutunci a jerin manyan laifuffuka. Mutanen gida ba su san wannan ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ba a taɓa gaya musu ba.

Mataki na biyu shi ne yanke adadi, kuma a nan tilas a jera mutane gaba da baya, abin da al'ada ba ta son a yi a fili. A misalin nan, ma'aikaciyar na iya ware 35,000 domin gida ta bar wa kanta ajiyar 15,000. Daga cikin na gidan, 20,000 na mahaifiyarta ne, da umarnin dindindin ga banki ya tura ranar da albashi ya shigo, ba sai an tambaya ba. Naira 10,000 na ƙaninta ne da ke Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ana tarawa ya zama 120,000 a shekara, a biya kuɗin makaranta kai tsaye, sauran ya zama guzurinsa, da sharaɗin cewa tallafin zai ƙare ranar da ya gama. Ragowar 5,000 ta shiga asusun gaggawa na iyali. Duka kashi 14 cikin ɗari ne na albashinta. Ya yi ƙasa da abin da take bayarwa a da, amma mahaifiyar da a da sai ta yi sa'a take ganin dubu goma yanzu ta san abin da zai zo mata da ranar da zai zo, har tana iya karɓar hatsi a hannun mai shago da sanin ranar biya.

Wanda zuciyarsa ke raya masa cewa wannan jeri rashin tsoron Allah ne, ya koma ga abin da addinan yankin biyu suke koyarwa. A mazhabar Malikiyya, ciyarwar da ta wajaba a kan mutum ita ce ta matarsa da 'ya'yansa da iyayensa idan mabuƙata ne. Abin da ya yi wa sauran dangi sada zumunci ne da sadaka, masu lada mai yawa, gwargwadon iko. A wasiƙun Bulus ma an ɗora wa mutum kula da iyalin gidansa tukuna, an so bayarwa ta fito daga niyyar da mutum ya ƙulla ba tare da tilas ba, an kuma tsawata wa mai ƙarfin aiki da ya zaɓi zama a ciyar da shi. Limami a Jama'a da fasto a Kagoro ba za su saɓa a kan wannan ba. Babu ɗayansu da zai ce wa mutum ya ci bashi mai ruwa domin ɗan baffansa ya sauya waya.

Mataki na uku shi ne mai wuyar, wato faɗa. Ba a yin sa ta waya, ba a kuma yin sa a lokacin da wani ya miƙo buƙata, domin a nan zai zama martani ga mutum ɗaya, ya haifi gaba. Zumunci a ƙafa yake, don haka a je gida. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da 'yan uwa suka taru, kamar hutun Kirsimeti da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu a Kagoro, ko Tuk Ham a Kwoi, ko hutun Sallah ga Musulmin yankin. A fara da uwa ko uba a keɓe, domin bai dace iyaye su ji irin wannan magana a bainar jama'a ba. Maganar ba ta buƙatar tsawo: "Mama, na zauna na duba abin da nake samu. Daga watan gobe naku zai riƙa zuwa ranar albashi, ba sai kun yi magana ba. Amma wanda ya zo ya ce ku sa baki a kira ni, ku ce masa kun ji, ku bar ni da shi." Jimlar ƙarshe ita ce ginshiƙi, domin hanyar da aka fi bi a karya iyaka ita ce ta bakin uwa. An san ba za ta iya korar ɗan mijinta ko ɗan ƙanwarta ba, an kuma san ɗiyarta ba za ta iya yi mata musu ba.

Bayan iyaye sai 'yan uwan ciki ɗaya, kuma a nan ne asusun gaggawa ke shigowa. Amfaninsa bai tsaya ga kuɗin da ke ciki ba. Idan ma'aikaciyar ta sa 5,000, yayanta da ke koyarwa a Kaduna ya sa 5,000, ƙannen biyu da ke sana'a a gida suka sa 2,000 kowannensu, ana da 14,000 a wata, 168,000 a shekara. Ba zai biya babbar tiyata ba, amma zai kai mara lafiya asibiti a Kafanchan a daren da abin ya faru, a yi gwaji, a sayi maganin farko. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne nauyin ya tashi daga kan "ta Abuja" ya koma kan gida. Wanda ya sa dubu biyunsa a ciki zai tambayi inda kuɗin suka tafi, kuma zai fi kowa saurin gane roƙon da ba na gaskiya ba. Sai dai a rubuta tun farko abin da ake kira gaggawa, rashin lafiya da haɗari da gobara da gudun hijira, a kuma sa hannun mutum biyu kafin a cire. Asusun da ba a yi masa wannan ba, bikin aure na farko ne zai cinye shi.

Abin da ke biyo bayan sanarwa sananne ne, kuma gara a shirya masa. Wata biyu ko uku na farko roƙo ƙaruwa yake yi, domin ana gwada ko maganar ta zauna. Za a yi fushi, za a daina gaisuwa, za a ce Abuja ta sauya ta. Wata goggo za ta tuna mata wanda ya goya ta. A wannan lokaci amsa ɗaya ce ke aiki, a faɗe ta da ladabi ba tare da dogon bayani ba: "Kawu, na ji, Allah ya kawo mafita. Na watan nan ya riga ya tafi inda aka tsara. Ba zan yi muku alkawarin da ba zan cika ba." Dogon bayani gayyatar ciniki ne, wanda ya ce haya ce ta hana shi, za a tambaye shi yaushe zai gama biya. Haka ma "bari mu gani" ta fi a'a cutarwa, domin mai roƙo zai ɗauke ta alkawari, ya je ya ci bashi a kanta. Idan kuwa aka karya tsarin sau ɗaya saboda naci, darasin da kowa ya koya shi ne adadin kiran da ake buƙata.

Rashin lafiya ne wurin da kowace iyaka ke rawa, kuma daidai ne ta yi rawa. Amma ko a nan akwai dabara. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya ƙarƙashin NHIA ta ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18; iyaye ba sa ciki sai an yi musu rajista ta daban an biya. Jihar Kaduna na da hukumarta, KADCHMA, wadda ke karɓar mutanen da ba ma'aikatan gwamnati ba da kuɗin shekara. Yi wa tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari rajista ya fi jiran kiran tsakar dare arha, ko da yake inshorar ba ta ɗaukar komai da komai, kuma akan je a tarar babu magani. Idan kira ya zo cewa an kwantar da wani, a nemi magana da ma'aikacin jinya ko a ga takardar kuɗi, a biya asibiti ko kantin magani kai tsaye. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, sauƙi ma yake ji. Wanda ya fusata ya ce lallai sai dai a turo asusunsa, ya ba da amsar tambayar da ba a yi masa ba. A ɓangaren karatu kuma, tun 2024 akwai lamunin ɗalibai na NELFUND marar ruwa ga 'yan manyan makarantun gwamnati, kuma zama da ƙani a cike masa takardar taimako ne da ba ya cin albashi.

Jana'iza ta cancanci magana ta daban, domin a gidaje da yawa na Kiristocin yankin ita ce ke rusa lissafin shekara guda. Gawa na jira a ɗakin ajiya makonni, ana biya kullum, ga rumfuna da kujeru da anko da abincin ɗaruruwan baƙi, sannan kwamiti ya zauna ya yanka wa kowane ɗa kasonsa, na Abuja a sama. Kuskuren da ake yi shi ne jiran a yanka sannan a koka. Wanda ya faɗi abin da zai iya a zaman farko, kafin a tsara hidima, ya ba kwamiti damar ɗinka riga daidai da yadin da ke hannu. Wanda ya yi shiru saboda alhini zai tarar an yi kasafi da sunansa. Kuma a lura, sau da yawa waɗanda suka fi matsawa a yi gagarumar hidima ba a gan su ba lokacin da mamacin ke neman kuɗin magani.

Akwai roƙon da ba na kuɗi ba, wanda ya fi na kuɗi haɗari: a samo wa yaro aiki. A idon gida, duk wanda ke shiga sakatariyar tarayya yana da mabuɗin ɗaukar ma'aikata a aljihu. Gaskiyar ita ce Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗaukar manyan ma'aikata a ma'aikatu, kuma sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara biyar ba zaɓin tara ga jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa ko ɗan uwansa fifikon da bai dace ba. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2023 kan cinikin guraben aiki ya nuna yadda mutane suka zuba miliyoyi a hannun dillalai. Ma'aikacin da ya karɓi takardun yaro ya ce zai duba, alhali ya san a aljihun tebur za su kwana, ya sayi zaman lafiyar yini ɗaya da gabar shekaru. Gara ya faɗi abin da ke hannunsa: zai sanar idan an buɗe shafin neman aiki, zai gyara takardar neman, zai ba da masauki na kwana uku idan an kira jarrabawa. Kwanakin ma a faɗe su tun kafin a hau mota, domin baƙon da ya zo Abuja neman aiki ba tare da ranar komawa ba yakan shekara a falo.

Hadiman 'yan siyasa su ne suka fi kowa shiga tsaka mai wuya. Ana ganin hotonsu a bayan minista ko sanata, ana auna su da arzikin maigidansu, alhali aikinsu na ƙarewa ne ranar da wa'adinsa ya ƙare ko aka sauke shi, wani lokaci ta sanarwar dare ɗaya. Ma'aikacin dindindin na da shekara 35 na aiki ko cika shekara 60 a gabansa, da fanshon da gwamnati ke ƙara masa kashi 10 a kai. Hadimi ba shi da wannan tabbaci. Ya kamata ya yanke adadinsa bisa abin da zai iya ci gaba da bayarwa bayan an bar ofis, kuma ya fifita taimakon da ke ƙarewa, kamar jarin sana'a sau ɗaya ko kuɗin koyon aiki, a kan ɗaukar nauyin wata-wata na mutum goma. Ya kuma raba buƙatun mazaɓa, waɗanda na ofishin maigidansa ne, da aljihunsa.

Za a ce wannan duka wayon masu hannu da shuni ne na guje wa dangi, kuma zargin na da ƙamshin gaskiya. Akwai waɗanda suka hau ta kafaɗar gida, suka gina benaye a Gwarinpa, iyayensu na kwana ƙarƙashin rufi mai yoyo, kuma za su yi murna da duk wata hujjar da za ta wanke su. Amma tsarin adadi bai yi musu daɗi ba, domin yana tona su. Mai ɓuya na iya cewa babu har abada. Wanda aka ce ya faɗi kasonsa a gaban 'yan uwansa kuwa, ko ya faɗi abin da ya dace da samunsa ko kowa ya ji ƙanƙantarsa. Adadin kuma ba a kafe yake ba: idan an yi ƙarin girma ya kamata na iyaye ya motsa, idan ƙani ya gama makaranta kasonsa ya koma kan na bayansa ko asusun gaggawa.

Akwai kuma ranar da lissafi ke ajiye alƙalami. Idan aka kai wa ƙauye hari aka ƙone rumbuna, dangi suka kwana a makarantar firamare ko harabar coci, babu mai hankalin da zai ce na watan nan ya ƙare. A irin wannan rana ana buɗe ajiya, a buɗe gida. Ma'aikaciyar da ke cikin misalin nan, idan ta riƙe tsarinta shekara biyu, za ta fuskanci wannan rana da 360,000 a ajiyarta, ban da abin da ya taru a asusun iyali. Da ta ci gaba da yadda take yi a da, ranar za ta same ta da bashin haya biyu a wuya, ƙungiyar gama kai kuma ba ta ba da sabon lamuni sai an sauke na baya.